Kawu da Habu suna fuskantar juna, amma a fim sun koma kallon gefe ɗaya

"Salamu alaikum Yaya. Ni da abokaina muna ɗan yin gajerun wasanni da jawwal a nan Jidda. Mun ɗauki wani sin a majalisa, Kawu yana yi wa Habu faɗa kan kuɗin haya da ya cinye, suna zaune suna fuskantar juna, amma da na haɗa sai ya fito kamar dukansu wani na uku suke kallo. Wani ya ce min wai na tsallake layi. Wane layi ne wannan, kuma ta yaya zan san inda ya kamata in yanka?"

Wa alaikumus salam ƙanina. Wanda ya gaya maka haka gaskiya ya faɗa, kuma tun ban ga bidiyon ba ina iya cankar yadda abin ya faru: ka ɗauki fuskar Kawu ta bayan kafaɗar Habu ta dama, sannan ka zagaya ka ɗauki fuskar Habu ta bayan kafaɗar Kawu ta dama ita ma. A wurin ɗauka wannan sai ka ga kamar shi ne daidai, ai dama da dama ne, amma shi ne ainihin abin da ya ɓata maka aikin. Bari in bi da kai a hankali cikin majalisar taku.

Ka zaunar da su yadda suka zauna ranar, sai ka ɗauko igiyar caja ko rawani ko ma tef, ka shimfiɗa a kan kafet daga gwiwar Kawu zuwa gwiwar Habu, ka ɗauka a ranka igiyar ta zarce ta bayansu har ta taɓa bango da bango. To wannan shi ne layin. Ya raba ɗakin gida biyu, kai kuma da kyamararka gida ɗaya za ka zaɓa ka zauna a cikinsa har sin ɗin ya ƙare. A cikin rabin nan naka kana da 'yanci, ka matso, ka ja baya, ka ɗaga kyamara, ka sauke ta ƙasa, ka je dab da bayan Kawu ko dab da bayan Habu, duk babu laifi, rabin da'ira ne gaba ɗaya, shi ya sa ake ce mata ƙa'idar digiri 180. Abu ɗaya ne ba a so, ka ɗauki kyamara ka haura igiyar sannan ka haɗa hotunan biyu kai tsaye.

Dalilin ba wani abu ne mai zurfi ba. Kai da ka shiga ɗakin ka san inda ƙofa take, ka san inda mukayyif yake, ka san Kawu yana jingine da bangon yamma. Mai kallo bai san komai daga cikin wannan ba, abin da yake da shi kawai hagu da dama na sikirin. Da ka nuna masa shot na farko, wato ɗauka ɗaya ta kyamara ba yanka, Kawu yana hagu yana kallon dama, Habu yana dama yana kallon hagu, to ya riga ya ajiye wannan a kansa, duk hoton da zai biyo baya da shi zai auna. Ka duba yadda ake nuna ƙwallo a talabijin, in Ittihad da Hilal suna wasa manyan kyamarorin da ke bin wasan duk a gefe ɗaya na fili suke, saboda ƙungiyar da ke kai hari zuwa dama ta ci gaba da zuwa dama har a tafi hutun rabin lokaci. Da za a riƙa tsallakawa ɗaya gefen ana dawowa, ba wanda zai gane wa ke kai hari wa ke tsaron gida.

Yanzu ga lissafin kafaɗun, ka riƙe shi da kyau don shi zai cece ka a lokeshin. Mu ce a babban shot Kawu yana hagun sikirin, Habu yana dama. Kawu kafaɗarsa ta dama ce ke ɓangarenka, Habu kuwa ta hagu ce ke ɓangarenka, tunda suna fuskantar juna. Saboda haka in za ka ɗauki fuskar Habu sai ka tsaya bayan kafaɗar Kawu ta DAMA, ƙeyar Kawu ta ɗan leƙo ta gefen hagu na hoton, Habu yana can dama yana kallon hagu. In za ka ɗauki fuskar Kawu sai ka tsaya bayan kafaɗar Habu ta HAGU, ƙeyar Habu a gefen dama, Kawu yana hagu yana kallon dama. Ɗaya dama ɗaya hagu kenan. Duk ranar da ka ga kafaɗun biyu sun zama iri ɗaya, dama da dama ko hagu da hagu, halas ka haura layi. Gwajin da nake yi kafin in bar kowa ya tashi daga wurin zamansa shi ne in buɗe hotunan biyu a waya, in tsayar da kowanne, in dubi hanci kawai. Hancin Kawu ya nuna dama, na Habu ya nuna hagu. In duka hancinan gefe guda suka nuna, a sake tun ba a naɗe kafet ba.

Akwai wani abu kuma da yake sa mutane haurawa ba su sani ba, taga. Ka gama ɗaukar Kawu lafiya, ka juyo kan Habu sai ka ga hasken taga yana bayansa fuskarsa ta yi baƙi, sai ka ce bari in ɗan koma can gefen, ka samu haske mai kyau ka rasa layi. Ranar Jidda ba ta wasa, ko da labule ne tana cinye fuskar mutum musamman mu masu duhun fata, waya sai ta auna hasken tagar ta bar fuskar a duhu. Maganinsa tun kafin ka danna rikodin ka zaɓi gefen da taga za ta kasance a bayanka, kai ne za ka juya zaman 'yan wasa ya dace da wannan, ba wai su zauna inda suka ga dama kai kuma ka yi ta zagaye su ba. Kuma majalisun nan namu kujerun ƙasa ne a jikin bango, babu wurin da za ka shiga bayan mutum, to ka jawo matashin gaba kamar taku biyu daga bango, a hoto ba wanda zai gane an jawo shi.

Sannan tsayin ido. Ba hagu da dama kaɗai ake daidaitawa ba, har sama da ƙasa. In Kawu yana kan kujera Habu yana durƙushe a ƙasa, to a kulozof, wato hoton fuska na kusa, Kawu ya kalli ƙasa-ƙasa, Habu ya kalli sama-sama. Kuma ko da Habu ba ya cikin hoton, kar ka bari ya tashi ya tafi shan shayi a bar Kawu yana yi wa bango faɗa, ya zauna a wurinsa dab da gefen kyamara yana ba shi amsa, idon Kawu zai sauka inda ya dace kuma faɗan ma zai fi fitowa da rai.

In mutum na uku ya shigo nan ne ake rikicewa. Mu ce ƙanin Habu ya shigo da dalla zai zuba kahwa. Hanya mafi sauƙi, ka sa ya tsaya a tsakaninsu ta can ɗaya gefen layin, yana fuskantar kyamara. Kawu in ya dube shi dama ɗin dai yake kallo, Habu in ya dube shi hagu ɗin dai, shi kuma yaron in ya juya hagun sikirin mun san Kawu yake miƙa wa finjali, in ya juya dama mun san Habu ne, kyamararka ba ta motsa daga rabinta ba. Amma in ya shigo ta ɓangarenka ya ba kyamara baya, to ba ka da hanyar ganin fuskarsa sai ka haura, kuma da ka haura Kawu ya koma dama. Ni shawarata a nan kar ka wahalar da kanka, ka sa ya zagaya a cikin babban shot mai kallo yana ganinsa har ya isa can gefen. Abin da za ka riƙe shi ne layi ba a kafe yake a ƙasa ba, yana bin mutanen da hankalinsu ke kan juna a wannan lokacin. In Habu ya miƙe ya koma bakin ƙofa yana magana daga can, layi ya bi shi, sai ka sake shimfiɗa igiyarka daga Kawu zuwa bakin ƙofa, kuma ka tabbata tashin nasa da tafiyarsa an nuna su a shot mai faɗi, ba wai mu bar shi a zaune mu tsince shi a tsaye ba.

Ana haura layi da gangan, ba haramun ba ne. Kyamara tana iya zagayawa a hankali ta bayan Habu tana ɗauka ba a yanke ba, mai kallo ya bi ta da idonsa har ta isa ɗaya gefen, daga nan can ne sabon gidanka. Ko ka sa shot wanda yake a kan layin kansa, mutum yana fuskantar kyamara sak ba hagu ba dama, ya zama gada. Amma ku da kuke farawa da waya ɗaya ban ga abin da zai kai ku can ba tukuna.

Tafiya ma tana da nata layin, kuma wannan ya fi yawan kama 'yan gajerun wasanni. Habu ya yi fushi ya fice ta gefen dama na hoto, to a shot na gaba, a kan matakala ne ko a titi, ya shigo ta hagu yana ci gaba da nufar dama. In ya fita ta dama kuma ya shigo ta dama, mai kallo zai ɗauka ya fasa tafiyar ya juyo. Mu ce ya shiga mota zai tafi Makka neman rance. Ka tsaya a bakin titi ta gefen da motar take bi, tunda a nan hannun dama ake tuƙi za ta wuce ka daga hagu zuwa dama, sannan ka shiga kujerar mai zaman banza ka ɗauki Habu yana tuƙi, za ka ga fuskarsa dama take nuni, sun dace ke nan. Matsalar a dawowa take. Dawowa Jidda ya kamata motar ta riƙa tafiya daga dama zuwa hagu don a ji cewa komowa ce, amma in ka sake zama a kujerar gefen direba fuskarsa dama za ta sake nunawa kamar har yanzu Makkan ya nufa. Sai ka ɗauke shi daga kujerar baya ana ganin ƙeyarsa da titi, ko ka kafa wayar a gabansa tana kallonsa sak, waɗannan biyun ba su da hagu ba su da dama. Na waje kuma ka ɗauka daga tsallaken titi, a wata 'yar hanyar unguwa mara cunkoso, ba a babbar hanya ba, kuma ka kiyaye fuskokin mutanen da ba su ba ka izini ba, ka san a ƙasar nan ba a wasa da wannan.

To sai maganar yanka. Yanka mai kyau daga wurin ɗauka yake farawa, wanda bai ɗauko abin yankawa ba ko wace manhaja ya buɗe ba za ta ba shi ba. Sin irin naku na minti ɗaya da rabi ni zan ɗauke shi sau biyar cikakke daga farko har ƙarshe: babban shot da ya haɗa su biyun, bayan kafaɗa guda biyu, kulozof guda biyu, sannan in ƙara 'yan ƙanana, hannu yana zuba kahwa, takardar haya a kan kafet, carbin Kawu yana juyawa a yatsunsa. Cikakke fa na ce, kar ka ɗauki jimla ɗaya ka tsaya ka juya kyamara ka ɗauki amsarsa, wannan shi ke sa wasa ya fito a tsinke kamar ana karanta wasiƙa. Kuma kowane zagaye su maimaita motsi iri ɗaya a kan kalma ɗaya, in Kawu ya ajiye finjali a kan kalmar "amana" a zagaye na farko, to a nan zai ajiye shi a duk sauran, da hannun da ya fara.

Wuri mafi aminci na yanka shi ne tsakiyar motsi. Kawu ya fara ɗaga takardar hayar a babban shot, hannunsa ya kai rabin hanya, nan za ka yanka zuwa kulozof inda hannun ke ƙarasa ɗagawa. Idon mai kallo yana bin hannun, ba ya lura an canja hoto. In ka jira ya gama ɗagawa ya tsaya sannan ka yanka, za a ji yankan. Waya galibi firem 30, wato hotuna 30, take ɗauka a sakan ɗaya, to a manhajar tacewa ka buɗe layin lokacin, inda ake jera hotunan, sosai ka riƙa matsar da wurin yankan firem biyu ko uku gaba ko baya kana sake kallo, za ka iske wani wuri da motsin ya zama guda ɗaya sumul, in ka wuce shi hannun ya yi tsalle, in ba ka kai ba ya maimaita kansa.

Abu na biyu, hoton da za ka koma ya bambanta da wanda ka baro sosai. In mutum ɗaya kake ɗauka a duka biyun, kyamara ta matsa aƙalla digiri 30 ta gefe, ko girman hoton ya canja a fili, daga kugu zuwa sama ya koma fuska kaɗai, in an samu duka biyun ya fi. In ka matsa taku ɗaya kacal ka sake ɗauka, haɗin zai yi kamar bidiyon ya yi tuntuɓe. Masu magana da kyamara a TikTok suna yin wannan tsallen da gangan kuma an saba musu, amma a wasan kwaikwayo yana fitar da mutum daga labarin.

Na uku shi ne wanda na fi so ka ji, domin shi ne kuskuren da kusan kowa ke yi: bin baki. Kawu ya yi magana a nuna Kawu, Habu ya yi magana a nuna Habu, haka har ƙarshe. A sin ɗinku abin kallo ba bakin Kawu ba ne, fuskar Habu ce lokacin da magana take shigarsa. Ga yadda zan jera shi. In buɗe da babban shot kamar sakan biyar ko shida, a ga wa ke ina, a ga takardar. Kawu ya ɗaga ta, in yanka cikin motsin zuwa bayan kafaɗar Habu. Kawu yana cewa "Ni na miƙa maka kuɗin nan da hannuna, na ce ka kai wa mai gida", ba zan jira ya ƙarasa ba, yana kaiwa "da hannuna" zan koma kan Habu, sauran maganar mu ji ta a kan fuskarsa yana sunkuyar da kai. Ya ce "Kawu wallahi niyyata in mayar kafin ƙarshen wata", in tsaya a kansa ko bayan ya yi shiru, sakan ɗaya ko biyu, shirun nan shi ne wasan. Kulozof ɗin Kawu kuwa ɓoye shi zan yi, ba zan taɓa shi ba sai inda muryarsa ta sauka ya ce "Da mahaifinka yana raye, da wane ido zan dube shi?" In ka riga ka kashe kulozof tun a gaisuwa, lokacin da ka zo nan ba ka da sauran abin da za ka matsa kusa da shi. A manhajar tacewa wannan yana nufin ka raba sauti da hoto, ka bar muryar Kawu tana gudana a ƙasa kana canja hoto a sama, shi ya sa yake da kyau ku ajiye waya ta biyu kusa da su tana ɗaukar sauti kaɗai, ku tafa hannu sau ɗaya a farkon kowane zagaye don haɗawa.

Walter Murch, wanda yana cikin waɗanda suka tace Apocalypse Now, ya jera abubuwa shida da yake aunawa kafin ya yanka a littafinsa In the Blink of an Eye. Motsin zuciya ya ba shi kashi 51 cikin 100, ci gaban labari 23, su biyun nan kaɗai sun kusa cinye kashi uku cikin huɗu, maganar layi da hagu da dama kuwa kashi 5 ya ba ta. Na yarda da shi, amma ka fahimce shi daidai, yana magana ne kan ranar da dole sai ka zaɓi ɗaya ka bar ɗaya. In zagayen da hawaye ya zo wa Habu da gaske shi ne wanda layi ya ɗan karkace, ɗauki mai hawayen. Abin da ya same ku daban ne, sin ɗin gaba ɗaya mutane ba su gane wa ke kallon wa ba, kuma wanda ke ƙoƙarin gane zaman ɗaki ba zai ji tausayin Habu ba.

Shi kuma wanda kuka riga kuka ɗauka, kar ka goge. Ka duba babban shot ɗinka ka ga wanne daga cikin biyun ne ya saɓa masa, ɗaya ne kawai mai laifin, ɗayan lafiyarsa ƙalau. In Kawu da Habu da majalisar suna samuwa, kayan da suka sa ranar suna nan, ka sake ɗaukar wannan shot ɗin kaɗai a irin lokacin da kuka yi na farko saboda haske, aikin rabin awa ne. In ba hali, akwai juya hoto kamar madubi, a Premiere sunansa Horizontal Flip, a CapCut kuma Mirror, zai mayar da hancin inda ya dace. Amma ka duba hoton lungu-lungu kafin ka yarda da shi. Duk rubutun da ke bango zai juye, in akwai allon aya ko kalanda a bayansa kar ma ka fara. Agogo zai koma ɗaya hannun, aljihun jallabiya zai koma ɗaya gefen. Mafi muni shi ne kahwa, ka san dalla a hagu ake riƙe ta a miƙa finjali da dama a karɓa da dama, da ka juya hoton sai ga Habu yana karɓar finjali a gaban kawunsa da hagu yana sha da hagu, na taɓa ganin an saki wani wasa a haka kuma ba abin da mutane suka yi ta magana a kai sai wannan hannun, labarin gaba ɗaya ya bi ruwa. In kulozof ne na fuska zalla, bango ba rubutu, hannu bai shigo ba, juya shi ka wuce, in ya so wurin da zai karɓi finjalin ka rufe shi da babban shot ko da hoton dalla tana zuba.